Lissafin Yaƙi da Sauro: Nawa Ake Kashewa, Me Ake Samu?

Duk shekara da zarar damina ta kankama, shawara uku ake maimaita wa mutane a rediyo da wajen awon ciki da bakin 'yan duba-gari: a kwashe ruwan da ke kwance, a kwana cikin gidan sauro, a yi amfani da maganin sauro. Ana jero su a numfashi ɗaya kamar nauyinsu ɗaya. Ni ban yarda da haka ba. Kowace a cikinsu tana cin wani abu na mai gida, ko kuɗi, ko ƙarfi, ko barci, ko lafiyar ƙirji, kuma abin da kowace ke mayar masa ya bambanta ƙwarai. Tunda Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa shekara da shekaru, ya kamata a ce mun san inda kuɗinmu ke aiki da inda yake tashi a hayaƙi.

Mu ɗauki gida guda mu yi lissafin a kansa. A ce a wata sabuwar unguwa yake a gefen Kano, mutum tara ne a ciki: maigida da uwargida da kakar yara da yara shida, ɗakunan kwana uku, da rijiya da masai a tsakar gida, da kwata a ƙofar gida. A bayan layin akwai kududdufin da aka haƙa aka buga tubali. Irin wannan gida kowa ya san shi.

Kafin a kashe ko kwabo, akwai tambayar da ba a cika yi ba: wane sauro ake yaƙa? Wanda ke hana mutum barci da kuka a kunne, wanda ke tasowa rundunarsa daga kwata da masai da sokawe bayan magariba, galibinsa kuleks ne. Ƙazamin ruwa yake so, yana da naci, cizonsa na da ƙaiƙayi, amma ba ya ɗaukar maleriya. Mai maleriyar anofilis ne, kuma ɗabi'arsa daban. Macen anofilis irin wadda ta fi addabar ƙasar Hausa tana neman ruwa marar zurfi wanda rana ke duka, wanda bai ƙazantu sosai ba: sawun shanu a laka, sawun taya a kan hanyar da ba kwalta, gefen kududdufi, fadamar shinkafa. Tana shiga ɗaki ba tare da yawan hayaniya ba, ta fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba. Akwai na uku, edis, baƙi mai zane fari a ƙafafu, wanda ke hayayyafa a randa da durom da tsohuwar taya da gwangwani, yana cizo da rana, shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi.

Ana iya bambance su da ido. Ɗebi ruwan a farin kwano ka zuba masa ido a wurin haske. Tsutsar anofilis kwance take yi samɓal a fuskar ruwa. Ta kuleks da ta edis rataye suke, kai ƙasa, wutsiya sama. Idan kuma babban sauro ne ya sauka a bango, anofilis yakan ɗaga bayansa sama ya karkace, kuleks kuwa jikinsa a daidaice yake da bangon. Wannan ɗan gwajin kyauta ne, kuma shi ke gaya wa maigidanmu ko aikin da zai yi ranar Asabar zai saya masa barci mai daɗi ne ko kuwa zai rage wa yaransa zazzaɓi. Duka biyun abin so ne, amma littafin lissafinsu daban-daban.

To, kwashe ruwa. A zafin damina, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike kwana bakwai ne zuwa goma, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ke nan aikin na mako-mako ne. Wanda ya share gida sau ɗaya a wata ya bar sauro sun ƙyanƙyashe zubi biyu ko uku a tsakani. A gidanmu na misali, aikin ya haɗa da kife gwangwanaye da kaskon kaji, huda tsohuwar taya ko cika ta da ƙasa, buɗe rariya, duba indararo, rufe durom da randa da murfin da ya zauna daram. Sannan akwai abin da akan manta: edis a jikin bangon mazubi yake manna ƙwansa, saman layin ruwa kaɗan, kuma ƙwan kan jure bushewa na watanni. Idan uwargida ta zubar da ruwan randa ta sake cikawa ba ta goge cikin da soso ba, ta shayar da ƙwan ne kawai. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne, ƙarfi yake ci, kuma akasari ƙarfin mata da yara. Akwai kuma asarar da masu ba da shawara ba sa sanyawa a lissafi: a unguwar da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, cewa mace ta zubar da ruwan durom duk mako daidai yake da cewa ta zubar da kuɗi. Murfi mai kyau ko ƙyallen da aka ɗaure da roba a bakin durom ya fi wannan shawara hankali.

Me ake samu? A kan edis, riba ce sosai, domin ba ya tafiya nesa, yawanci a gidan da ya ƙyanƙyashe ko maƙwabta yake ƙare rayuwarsa. A kan kuleks ma ana ganin sauƙi idan an rufe bakin masai, an sa raga a bututun iskarsa, an toshe tsagar sokawe, kwata kuma tana gudu. Amma a kan maleriya, a nan nake da shakka babba. Anofilis na iya tasowa daga nisan kilomita ɗaya ko fiye. Maigidanmu zai iya mayar da tsakar gidansa tas, ba ɗigon ruwa, kududdufin bayan layi da sawun motocin yashi su ci gaba da aiko masa da baƙi kowane dare. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki yaƙi da tsutsar sauro a matsayin babban makamin maleriya ba. Ƙari ne ta ce, kuma a inda matattarar ruwan ba ta da yawa, ba ta canza wuri, ana iya gano ta. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin gefen gari a watan Agusta ya san ba ko ɗaya daga sharuɗɗan nan uku da ya cika. Balle garuruwan noman rani irin su Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke kwance a gonakin shinkafa har bayan damina ta wuce.

Akwai darasi a ƙasarmu kan yadda sauron nan yake da taurin kai. Daga 1969 zuwa 1976, gwamnatin Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun gudanar da wani babban bincike a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. An yi wa ɗakuna feshi gida-gida, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa magani. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma da aka janye hannu sai ta dawo. Idan ma'aikata da kuɗin hukumar duniya ba su ƙarar da sauron Garki ba, rashin adalci ne a sa wa matar gida jin cewa gwangwanin da ta manta a bayan ɗaki ne ya kwantar da ɗanta. Cike kududdufi da gyaran hanya da magudanar ruwa aikin unguwa ne da ƙaramar hukuma, kuma can ya kamata a kai ƙorafin.

Wani abu guda ya sa ba zan ce a raina rufe mazubin ruwa ba ko ta fuskar maleriya. Akwai baƙon anofilis daga Asiya, ana kiransa sitifensi, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same shi a Jihar Gombe a 2020. Shi a tankuna da durom da rijiyoyi yake hayayyafa, cikin gari yake so. Idan ya zauna da gindinsa, lissafin nan zai sauya.

Sai baƙin mai da kananzir da ake zubawa a kwata. Gaskiya ne suna shaƙe tsutsa, domin suna rufe fuskar ruwa. Amma ruwan sama na farko zai wanke su, a koma gidan jiya, baƙin man kuma ya bi ƙasa ya nufi rijiyar da ake sha. A gidan da rijiya ke taku goma daga kwata, wannan ciniki ne na faɗuwa.

Yanzu gidan sauro, wanda a nan ne hujja ta fi ƙarfi, kuma a nan ne aka fi ɓoye wa mutane wahalarsa. Hujjar ita ce: gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Afirka, da aka tattara su wuri guda, sun nuna gidan sauro mai magani na rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin ɗari, yana kuma rage yawan kwanciya da zazzaɓin da kusan rabi. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara daga gidan sauro ta fito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ke kwance a ciki shi ne ke jawo sauron da numfashinsa da warin jikinsa, sauron ya sauka a kan raga mai magani, ya mutu. Ƙwayar maleriya tana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauro kafin ya iya harba wa wani. Duk sauron da ya mutu kafin wa'adin nan bai cutar da kowa ba, ko da ya riga ya sha jinin mai ciwo. Shi ya sa idan yawancin gidajen layi suna amfani da shi, har wanda ba shi da shi yakan ci albarkaci.

Ƙa'idar rabon gwamnati ita ce gidan sauro ɗaya ga mutum biyu, don haka gidanmu mai mutum tara biyar zai samu. A takarda ya isa. A zahiri shimfiɗa ake ƙirgawa, ba kai ba. Kaka tana da gadonta, samari biyu ba za su kwana da ƙannensu mata ba, wasu yaran a tabarma suke a tsakar ɗaki inda babu abin ratayawa, kuma kowace safiya sai an kwance an naɗe don a samu wurin zama. Wannan hawa da sauka kullum shi ke yaga raga, shi ke sa a wayi gari wata rana an gaji an bari. Ƙusa huɗu da igiya da aka kafa sau ɗaya, yadda za a riƙa naɗe gidan sauron sama da safe ba tare da kwance shi ba, sun fi wa'azi sau goma amfani.

Babban kuɗin da gidan sauro ke karɓa shi ne zafi. Wanda ya ce wa ma'aikaciyar lafiya, “Hajiya, wallahi idan na shiga ji nake kamar an rufe ni a buhu,” ba ƙarya yake yi ba, ba kuma jahilci ke damunsa ba. Raga tana rage kaɗawar iska, a ɗakin kwano marar silin kuma, ba wuta ba fanka, ɗan abin da ta rage ɗin shi ne bambancin barci da juyi. Na fi ganin mutuncin ma'aikaciyar da za ta amsa masa da, “Gaskiyarka, Malam, akwai zafi. To ka buɗe taga, ko ka fita da shi tsakar gida ka ɗaura a turaku, amma yara da mai ciki kam kada su kwana ba shi,” a kan wadda za ta ce masa babu wani zafi. Abin da ke sauƙaƙa lissafin shi ne tsananin zafinmu a bazara yake, Maris zuwa Mayu, lokacin da anofilis ya yi ƙaranci a yawancin wurare. Watannin haɗari, Yuli zuwa Oktoba, dararensu sun fi sanyi. Inda mutane ke faɗawa tarko shi ne ƙarshen Satumba da Oktoba: ruwa ya ɗauke, zafi ya dawo, an koma kwanan waje, ga shi kuwa a lokacin ne sauro masu ɗauke da cutar suka fi yawa.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne amma kowanne na iya rushe ribar. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga, in ba haka ba maganin zai sa raɗaɗin fuska da atishawa, mutum ya tsane shi tun daren farko. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ko'ina. Yaron da ya jingina hannu da raga za a cije shi ta waje. An ƙera shi ya yi kamar shekara uku ko wanki ashirin, da sabulu mai sauƙi, ba omo ko bilic ba, a kuma shanya a inuwa. A gidan da ke da ɓeraye da yara da gadon ƙarfe mai kaifi, da wuya ya kai shekara ukun ba huji. Allura da zare suna cikin kuɗinsa, kuma hujin da yatsa zai shiga ya isa a ɗinke.

Ga kuma raunin da dole a faɗa. Shekaru da yawa magani iri ɗaya ake sa wa ragar, dangin fairitiroid, kuma sauron Najeriya da Nijar ya saba da shi a wurare masu yawa. Ragar tana nan tana tarewa, amma kisan ya ragu, kuma yagaggen gidan sauro da a da maganinsa ke rufa masa asiri yanzu ba shi da wannan kariya sosai. Saboda haka aka fito da sababbi: masu ƙarin sinadarin PBO, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2017, da masu magani iri biyu da ta ba da shawarar amfani da su a 2023. Mai saye a kasuwa ya duba jikin leda. Ragar da tela ya ɗinka ko wadda aka sayo don adon gado, marar magani, tana tarewa muddin ba huji, amma ba ta kashe ko ɗaya.

Duk da wannan, sa kuɗin a sikeli. Farashi na canzawa kullum, don haka lambobin nan na misali ne, kowa ya sa na unguwarsu. A ce ba a samu na rabo ba, an sayi biyar a kan naira 5,000 kowanne. Naira 25,000 ke nan, ko da shekara biyu kawai suka yi. Riƙe wannan lamba.

Maganin sauro na kunnawa, igiyar leƙo, shi ne abin da talaka ya fi saye, domin kullum da yamma ɗan canji yake ci, ba a jin zafinsa. Ɗaki uku, ɗaya-ɗaya kowane dare, dare 120 na damina: guda 360. A ce kowanne naira 100. Naira 36,000 a damina ɗaya, 72,000 a biyu, kusan ninki uku na kuɗin gidan sauro biyar. Me aka saya? Hayaƙin yana korar sauro yana rage cizo, wannan gaskiya ne. Amma yana ci ne na awa shida zuwa takwas idan ya cika, don haka wanda aka kunna bayan isha'i zai mutu wajen ƙarfe biyu ko uku, lokacin da anofilis ke tsakiyar aikinta, masu ɗakin kuma sun yi nisa a barci. Babu ƙwaƙƙwarar hujjar bincike da ta nuna yana rage maleriya. Sai kuɗin da ƙirji ke biya. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan ire-iren da ake sayarwa a Asiya ya gano cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa ta kai nauyin ta taba sigari 75 zuwa 137. Wannan awon yawan ƙura ne, ba a ce gubarsu ɗaya da taba ba, amma ya isa ya sa uwa ta yi tunani kafin ta rufe ƙofa da taga a kan jariri da kaka mai tari. Ga haɗarin gobara kusa da katifar soso da labule. Inda na ga yana da wuri shi ne zaure ko tsakar gida lokacin hira, inda iska ke wucewa kuma mutane idonsu biyu.

Filit na gwangwani yana kashe sauron da ke ɗakin a lokacin da aka fesa. Ana rufe ɗaki, a fita, a dawo bayan ɗan lokaci a buɗe ya sha iska. Idan taga ba raga, ko akwai rata tsakanin bango da rufi, sababbi za su shigo kafin tsakar dare, kuɗin gwangwanin ya tafi. Fanka mai ƙarfi tana hana sauro sauka, amma sai da wuta.

Fiya-fiya kuwa ba na sa ta a layin tsada da araha, domin abin da take iya ci rai ne. Mafi yawanta maganin ƙwarin gona ne, DDVP, ake tsiyayawa a kwalaben da ba suna ba awo, wani lokaci a gauraye da kananzir. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma har yau ana yayyafa shi a ƙarƙashin gado. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Alamomin gubarsa su ne dalalar yawu, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Wanda ya ga haka a jikin yaro bayan an yi yayyafi ya fitar da shi iska, ya cire masa tufafin, ya nufi asibiti da kwalbar a hannu, kada a tsaya ba shi manja ko madara. Kuma kwalbar da aka zuba ta a robar lemo, a ajiye a bayan ƙofa inda mai rarrafe ke kaiwa, ita ce mafi munin abin da ke cikin gidan.

Na shafawa fa? A nan zaɓi na da tasiri ƙwarai, domin tazarar da ke tsakanin mai aiki da marar aiki babba ce. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, inda mutane suka riƙa zura hannu cikin kejin sauro, man da ke da DEET kusan kashi 24 cikin ɗari ya hana cizo na kimanin awa biyar. Waɗanda aka yi da man ciyawa mai ƙamshin lemo ba su wuce minti ashirin ba. Awarwaron roba da ake cewa yana korar sauro bai kai ko minti ɗaya ba. Na'urorin da ake cewa suna kora da sauti ma an gwada su sau da dama, ba su rage cizo ba. Don haka abin dubawa a jikin kwalba shi ne sunan sinadarin da yawansa, ba hoton jariri ko ƙamshi ba. DEET kashi 20 zuwa 30, ko fikaridin kashi 20, sun wadatar, kuma wuce kashi 50 ba ya ƙara wani abin kirki. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a sa wa yaro a tafin hannu tunda baki zai kai, ba a shafawa a kan rauni ko kusa da ido. Gumi yana rage shi, alwala tana wanke shi daga hannu da ƙafa, wato wanda ya shafa kafin magariba ya sake alwalar isha'i sai ya sabunta.

Shafa wa mutum tara kowane dare wata huɗu ya fi ƙarfin aljihun gidanmu, kuma da aka gwada raba shi ga al'umma gaba ɗaya ba a ga maleriya ta ragu a fili ba, galibi saboda mutane ba sa ɗorewa da shafawa kullum. Amfaninsa na mutum ɗaya ne a sa'o'in da gidan sauro ba ya rufewa: mai gadi, mai shayi, ɗalibin makarantar dare, manomin da ke ba ruwa da daddare, uwargida da ke girkin sahur a tsakar gida. Ga irin waɗannan kwalba ɗaya ta cancanci kuɗinta. Doguwar riga da safa suna yin rabin aikin kyauta, tunda anofilis ta fi kai hari ƙafa da idon sawu. Ƙona ganyen darbejiya ko ɗoɗɗoya ko ɓawon lemo yana ɗan korar sauro muddin hayaƙin na tashi, ba ya cin kuɗi, amma da ya lafa kariya ta ƙare, kuma hayaƙi ne shi ma.

Akwai abin da ba ya cikin shawarwari ukun nan, wanda a ganina ya fi cancantar naira 36,000 ɗin da ake ƙonawa: toshe ɗakin kansa. Anofilis ta fi shiga ta ratar da ke tsakanin saman bango da rufi, tana bin ɗumi da warin masu barci da ke fita ta nan. A wani gwaji da aka yi a Gambiya, aka wallafa a 2009, sa raga a gidaje ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a tsakanin yara. Ga ɗaki uku, aikin shi ne ragar waya a tagogi, cike ratar saman bango da laka ko siminti, da ƙofar raga mai komawa da kanta. Ana biya sau ɗaya, yana kare duk wanda ke ɗakin tun kafin ya kwanta, ba ya bukatar a tuna da shi kowane dare. Shi ma yana da nasa cajin. Toshe rata na ƙara zafi idan tagogin ƙanana ne, ragar na tsatsa ko yara su huda ta, ƙura na toshe idonta sai an riƙa gogewa. Ɗan haya kuma zai yi jinkirin gyara gidan da ba nasa ba, sai dai ya yi firam ɗin katako da zai iya cirewa ya tafi da shi ranar tashi. Wanda zai yi aikin ya tsaya a kan kafinta wajen ƙasan ƙofa, domin ratar da ɗan yatsa zai shige a nan ta isa ta mayar da ragar tagogin ado, kuma yankin tsohuwar taya da aka buga da ƙusa a gindin ƙofar yana rufe ta.